Ruwa Ya Tashi Shago: Yadda Masu Sana'a A Diffa Ke Riƙe Alkawuran Abokan Ciniki

A watan Oktoba, damina ta riga ta yi sallama da garin Diffa. Sama ta washe, ƙasa ta fara bushewa, manoman tattasai suna duƙe a gonakinsu na bakin kogi. A daidai wannan lokaci ne kuma mutanen unguwannin da ke kusa da ruwa, irin su Diffa Kura da ƙauyen Bagara, suke fara kafa kara a bakin gaɓa da yamma, su dawo da safe su ga inda ruwa ya kai. Idan karan ya nutse, sai a fara cika buhuna da yashi. Idan buhunan ba su tare ba, sai a nemo amalanke.

Cikin masu ɗora kaya a amalanken nan akwai tela da kekensa, da mai gyaran injin ban-ruwa, da mai kitso da lalle, da mai ba da hayar rumfa da kujerun biki. Kowannensu yana ɗauke da kayan aikinsa, yana kuma ɗauke da alkawuran mutane: yadin da aka kawo ɗinki, kuɗin kafin alƙalami da aka karɓa, ranar da aka ce a zo a karɓi aiki. Kayan aiki suna shiga amalanke su isa sabon wuri. Alkawuran kuwa, sai an bi masu su ɗaya bayan ɗaya da saƙo, in ba haka ba a hanya suke zubewa.

Garin da ya saba da kulle ƙofa

Ba kasafai ake samun gari a Nijar da masu sana'a suka sha rufewa da buɗewa kamar Diffa ba. A farkon Fabrairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa, bam ya tashi a kasuwa, hukuma ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar baki ɗaya. Aka hana hawa babur, aka sa dokar hana fita, aka tsayar da cinikin kifi da na tattasai, wanda ake yi wa kirari da jan zinarin yankin. Daga baya aka rufe wasu kasuwannin ƙauye, ciki har da na Gagamari da Kinjandi. Sai bayan shekaru aka sassauta haramcin kifi da tattasai.

Tsakanin waɗannan shekaru mutane sun yi ta ƙaura. Harin Bosso na watan Yunin 2016 shi kaɗai ya tashi dubun-dubatar mutane, da yawansu suka zauna a gefen babbar hanyar kwalta ta ɗaya, wadda ta taso daga yamma ta bi Maine-Soroa da Diffa ta nufi Ngigmi. A Disambar 2020 aka ƙona kasuwar Tumur. A 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka da Najeriya na tsawon watanni.

Ga kuma kogi. Komadugu ba ruwan saman Diffa yake kawowa ba. Daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake samun ruwansa, can cikin Najeriya, inda madatsun Tiga da Challawa suke, ya ratso fadamun Haɗeja da Nguru a hankali, ya zama iyakar ƙasashen biyu na tsawon kimanin kilomita 150 kafin ya faɗa tafkin Chadi kusa da Bosso. Shi ya sa cikarsa ke zuwa a makare, daga Oktoba zuwa gaba. A Oktoban 2019 ambaliyarsa ta raba mutane sama da dubu 20 da gidajensu, a 2022 kuma ya sake tumbatsa. Ana auna tsayinsa a Bagara, kuma idan ya doshi mita huɗu da rabi hukuma takan fara gargaɗi.

Wannan jinkiri na kogin shi ne abin da mai sana'a ya kamata ya riƙe da kyau. Hari da gobara ba sa ba da sanarwa. Ambaliyar Komadugu kuwa takan ba da kwanaki, wani lokaci har mako ɗaya ko biyu, tsakanin ranar da aka fara zancenta da ranar da ta shigo ɗaki. Wanda ya kwashe kwanakin nan yana tattara kaya kawai, bai taɓa wayarsa ba, ya yi rabin aiki ne.

Abin da mai kaya yake son ji

Sanarwar da aka fi gani gajeriya ce. A rubuta da alli ko gawayi a jikin ƙyaure cewa an tashi, ko a saka hoto a WhatsApp da kalmomin ban haƙuri: muna sanar da abokan cinikinmu cewa mun rufe na ɗan lokaci saboda halin da ake ciki, sai Allah ya sa mun dawo. Wannan magana gaskiya ce, kuma da ladabi aka yi ta. Sai dai ba ta amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin da ke ran matar da ta kawo atamfa turmi uku na ankon bikin 'yarta ba.

Ita ba labarin shago take nema ba. Tana son ta ji ko yadinta ya jiƙe, ko kuɗin da ta bayar suna nan a rubuce, ko ranar da aka yi mata alkawari tana nan daram. Bayan waɗannan ne take tambayar inda za ta je. Idan saƙo bai taɓo su ba, ita za ta cike gurbin da kanta, kuma abin da zuciya ke rayawa a irin wannan hali ba mai daɗi ba ne. Gobe da safe za ta aiki yaro ya karɓo yadin a kai wa wani tela, ko ta sayi sabo ta haƙura da wancan, ta kuma ba maƙwabta labari.

Kalmar da ta fi cutarwa a irin wannan sanarwa ita ce "na ɗan lokaci". A garin da aka taɓa rufe kasuwa da sunan ɗan lokaci ta shekara a rufe, ba wanda zai jingina bikinsa a kan wannan kalma. Rana ake so, da sunanta. Idan mai shago bai san ranar komawa ba, abin da ya dace ya faɗa shi ne ranar da zai sake magana: ranar Talata mai zuwa zan sanar da ke halin da ake ciki. Wannan alkawari ne ƙarami da yake da ikon cikawa, kuma cika shi ne ke sa a yarda da babban.

Littafin tela: misali daki-daki

A ɗauki misalin tela mai kekuna biyu da yaro ɗaya a unguwar bakin kogi. Ranar Lahadi ya ga ruwa ya kusa, ya samu aron ɗaki a wajen wani ɗan'uwansa a Sabon Kare. Ya lissafa cewa kwashe kaya, da share ɗakin, da ja wayar lantarki, da daidaita kekuna za su ci masa kwana huɗu.

Abin da zai fara yi shi ne buɗe littafin da yake rubuta awo da sunaye. A ce ya tarar da aiki arba'in a ciki. Goma sha huɗu an gama su, masu su ne ba su zo ba. Goma sha bakwai sai nan da mako uku ko wata guda. Tara kuma cikin wannan makon aka yi alkawarinsu, uku daga ciki na biki ne.

Yanzu sai lissafi. Idan shagon yana fitar da ɗinki uku a rana, kuma kwana biyu kawai suka rage masa na aiki a makon, ɗinki shida zai iya gamawa. Uku ba za su samu ba, ko ya so ko bai so ba. Nan ne yawancin masu sana'a ke yin kuskure. Kunya da fatan alheri sukan sa su gaya wa mutum tara duka cewa kayansu na nan zuwa, su bar gaskiya ta bayyana ranar karɓa. Telan da ya san aikinsa yakan sa kayan biki uku a gaba, ya ƙara uku daga sauran, sannan ya kira mutum ukun da suka rage tun ranar Lahadin, tun suna da sararin yin wata dabara.

Waɗannan mutum tara kira ake yi musu da baki. Ga wadda ranarta ba za ta motsa ba, maganar ba ta wuce haka:

"Hajiya, barka da yini, ya iyali? Ruwa ne ya matso mu, za mu koma Sabon Kare. Atamfarki turmi uku na riga na kwashe su, suna gidana, ko ɗigo bai taɓa su ba. Jika biyar ɗin da kika bayar tana rubuce. Ranar Asabar ɗin da muka yi tana nan, kuma ba sai kin wahala ba, yaro zai kawo miki har gida bayan la'asar."

Ga wanda aikinsa ba zai samu ba, a nan ake buƙatar ƙarfin hali. Ba a tsaya ga ban haƙuri kawai, zaɓi ake ba shi:

"Alhaji, ina neman afuwa, Alhamis ɗin da na ce ba za ta yiwu ba. Zan iya gama maka ranar Litinin. In kana da uzurin da ba zai jira ba, akwai abokin aikina da na yarda da hannunsa, zan kai masa da awonka a kan farashin da muka yi. In kuma ka fi son yadinka da kuɗinka, yau ɗin nan zan aiko maka. Wanne ka zaɓa?"

Abin lura shi ne, mutumin da aka miƙa wa kuɗinsa tun bai tambaya ba, sau da yawa yakan ce a bari sai Litinin ɗin. Tsoron kada kuɗi su maƙale ne ke sa mutum ya matsa a ba shi abinsa, kuma tayin mayarwa yana kashe wannan tsoro. Ko da ya karɓa ɗin, ya tafi ba tare da ƙullaci ba, kuma da wuya ya ƙi dawowa da yadin Sallah.

Masu kaya goma sha huɗu da aka gama, su ne hatsarin da ba a cika lura da shi ba. Kayan mutane ne da za su hau amalanke, su kwana a ɗakin da ba a gama sa masa kwaɗo ba. Saƙonsu daban ne: kayanka sun kammala, ka zo ka karɓa yau ko gobe a tsohon wuri, daga Laraba kuma sai a sabon. Duk wanda ya zo ya rage wa tela nauyi, ya kuma kawo cikon kuɗi a ranar da ake matuƙar buƙatar na amalanke da na lebura.

Sauran goma sha bakwai ɗin su ne za a iya aika wa saƙo iri ɗaya, tunda ranakunsu ba su motsa ba. Sanarwa ga jama'a baki ɗaya ita ce ta ƙarshe. Dalilin jera su haka a fili yake: bai kamata uwar amarya ta ji labarin tashin shago a bakin wata a wajen ɗiban ruwa ba, alhali kayanta suna ciki.

Murya, rubutu da haruffa masu ƙugiya

Diffa gari ne na harsuna da yawa. Barebari ne suka fi yawa, ga Fulani, da Tubawa, da Larabawa, da Hausawa, ga kuma 'yan gudun hijira daga Damasak da Malam Fatori da sauran garuruwan Borno. Hausa ce ke haɗa ciniki a kasuwa, amma mutane da yawa, musamman mata da dattawan ƙauye, ba sa karanta boko. Saƙon murya ya fi rubutu isa gare su, kuma yana da wata fa'ida: mai sauraro ya san muryar telansa, ba zai yi shakkar ko wane ne ba. Kada ya wuce minti ɗaya, a kuma maimaita rana da wuri sau biyu. Wanda aka saba gaisawa da shi da Barbarci, da Barbarci za a yi masa.

Ga masu ƙaramar waya kuwa, sai saƙon tes. A nan akwai wani abu da ba kowa ya sani ba. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 ne idan an rubuta da baƙaƙen boko na yau da kullum. Da zarar an saka harafi mai ƙugiya ko guda ɗaya, kamar ɗ ko ƙ ko ɓ, sai waya ta sauya tsarin rubutun, saƙo ɗaya ya koma ɗaukar haruffa 70 kacal. Abin da zai tafi a saƙo ɗaya sai ya rabu uku, kuɗin ya ninka, kuma wasu tsofaffin wayoyi sukan nuna ɗan akwati a maimakon harafin. Mai aika wa mutum talatin ko arba'in gara ya zaɓi kalmomin da ba su da ƙugiya, kamar haka:

"Salam. Ruwa ya tashe mu. Daga Laraba muna Sabon Kare, bayan famfon unguwa. Kayanki na hannuna lafiya, ranar Asabar na nan. Ki amsa in kin gani. Tela"

Wannan bai kai haruffa 160 ba, kuma ya faɗi dalili, da rana, da wuri, da halin kaya, ya kuma nemi amsa.

WhatsApp ma yana da tarkonsa. Jerin aikawa ga mutane da yawa lokaci guda yana ɗaukar har mutum 256, amma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar mai aikawa a wayarsa. Mai shago zai ga kamar ya sanar da kowa, alhali wasu ba su ga komai ba. Abin da aka saka a Status kuma bayan awa 24 ya ɓace. Alamar da za a duba ita ce 'yar sandar da ke gefen saƙo: idan ɗaya ce, bai shiga wayar mutumin ba tukuna, ko wayar na kashe, ko ba shi da data, ko yana inda babu layi. A ƙauyukan kwarin Komadugu wannan ba baƙon abu ba ne, kuma mutane da yawa suna sauya layi tsakanin Airtel, Moov da Zamani, wasu ma har da layin Najeriya. Saboda haka telan misalinmu yakan koma littafinsa da yamma, ya sa alama a gaban sunan duk wanda ya amsa. Wanda ya yi shiru kwana guda, a kira shi. Wanda kira bai same shi ba, a aika ɗan saƙo.

Ranar Talata, ranar babbar kasuwar Diffa, tana da amfani a nan. Mutanen Geskeru da Shetimari da ƙauyukan bakin kogi suna shigowa, kuma direban da ke jigilar hanyar ya san kowa. Mai gyaran injin ban-ruwa, wanda yawancin abokan cinikinsa manoman tattasai ne da shinkafa, da wuya ya same su ta wata hanya da ta fi wannan. Manomin da injinsa ke hannun makaniki ba zai iya jiran mako biyu ba, domin shuka ba ta jira. Idan aikin ya shafi jama'a da yawa, sanarwa a gidan rediyo irin Anfani, da Hausa da Barbarci, tana kaiwa inda waya ba ta kai ba.

Kwatance, da wanda aka bari a baya

A Diffa ba a neman wuri da lambar gida. Da masallaci ake kwatance, da famfo, da makaranta, da gidan mai unguwa. Kwatance mai kyau yana farawa daga wurin da kowa ya sani, ya ƙare da abin da ido zai gani: ƙyaure shuɗi, bishiyar dogon yaro a ƙofa. Kafin a aika wa kowa, yana da kyau a gwada shi a kan yaron da bai taɓa zuwa wurin ba. Idan ya ɓata, kwatancen ne da gyara. Hoton ƙofar ya fi taswirar waya amfani ga yawancin mutane.

Nisa ma abin dubawa ne. Shekarun da aka yi ba babur sun koya wa mutanen garin cewa tafiyar kilomita biyu ko uku ba ƙaramin abu ba ce ga tsohuwa ko mai goyo. Shagon da ya yi nisa da tsofaffin abokan cinikinsa, in bai ɗauki nauyin kai musu kaya a makonnin farko ba, zai ga suna raguwa ba tare da kowa ya yi faɗa da shi ba.

Sannan tsohon wurin. Duk yadda aka yi ƙoƙari, akwai wanda zai zo ya tarar da ƙofa a kulle. Rubutu a jikin ƙyaure da lambar waya yana taimakawa, amma maƙwabci ya fi shi: mai shayi ko mai tireda da ke nan kullum, wanda aka zauna aka yi wa bayani, aka bar masa lamba. Idan ba a gaya masa komai ba, amsar da zai bayar ita ce "sun tashi", kuma mai tambaya zai fahimce ta yadda ya ga dama.

Kuɗi, da abin da ba a shelantawa

Kuɗin kafin alƙalami yana da wata matsala ta musamman a wannan yanki, domin Naira da Sefa duka suna yawo a kasuwa. Tun daga tsakiyar 2023 darajar Naira ta faɗi ƙwarai. Wanda ya ba da Naira wata biyu da suka wuce, aka rubuta masa da Sefa, ko akasin haka, ranar mayarwa sai gardama ta tashi a kan canjin wace rana za a bi. Saƙon da ya ambaci adadin da irin kuɗin da aka karɓa, kamar yadda telan ya ce jika biyar, yana rufe wannan ƙofa tun kafin a buɗe ta. Idan da Nita ko Amana aka turo kuɗin, a ajiye takardar.

Lokacin ƙaura kuma lokaci ne da mazambata ke so. Saƙo ya zo daga baƙuwar lamba cewa mun sauya wuri da layi, a turo cikon kuɗi ta nan. Mutumin da ya riga ya ji cewa shagon ya tashi zai iya gaskatawa. Maganinsa shi ne mai sana'a ya riƙe tsohuwar lambarsa ko ta halin ƙaƙa, ya kuma faɗa a cikin saƙon muryarsa cewa lambarsa ba ta sauya ba, kuma ba zai nemi kuɗi ta wata lamba ba. In dole ta sa an sauya, sanarwar ta fito daga tsohuwar lambar tun tana aiki.

Akwai kuma abin da hankali ke hana faɗa. A yankin da aka sha fama da sace mutane don kuɗin fansa, ba dabara ba ce ɗan kasuwa ya shelanta wa duniya inda ya tara hajarsa, ko ranar da zai bi wata hanya, ko cewa gidansa zai zama ba kowa har mako biyu. Wannan wani dalili ne na raba saƙo gida biyu. Sanarwar jama'a ta tsaya ga ranar buɗewa da lambar waya. Bayanin inda kaya suke ya tafi ga mai kayan shi kaɗai.

Ba kowa ya yarda ba

Wasu dattawan kasuwa suna ganin duk wannan wahalar da kai ce. Hujjarsu ita ce Diffa ba ta da girman da mutum zai ɓace a cikinta, kuma wanda ya shekara ashirin yana yi maka ɗinki ko gyara, za ka neme shi ko ina ya koma. Akwai gaskiya a ciki, ga wanda ya shekara ashirin ɗin. Amma garin ya cika da baƙi tun 2015, kuma matashin da ya buɗe shago bara, ko macen da ta taso daga Bosso ta fara kitso a sabuwar unguwa, ba su da wannan jarin sanayya. Su ne ƙaura ɗaya ke iya mayarwa farko.

Wasu kuma tsoronsu shi ne sanarwa da wuri tana korar ciniki: da ka ce za ka rufe, masu niyyar kawo aiki sai su fasa. Wannan ma yana faruwa. Sai dai aikin da aka karɓa alhali an san ba za a iya gamawa a kan lokaci ba, bashi ne aka ɗauka. Hanyar da ta fi ita ce a ci gaba da karɓar aiki, amma a kan ranakun bayan buɗewa, a kuma faɗi haka a cikin sanarwar.

Ta ɓangaren masu kawo aiki, ƙorafin da aka fi ji ba na jinkiri ba ne. Mutanen kwarin nan sun san ruwa, sun san dokar ta-ɓaci, da yawansu su ma sun taɓa kwashe nasu kayan cikin dare. Abin da ba sa yafewa shi ne waya a kashe. Mai shagon da kunya ta sa ya daina ɗaukar kira, a idon mai kaya ba shi da bambanci da wanda ya gudu.

Idan ruwa ya janye, wajen ƙarshen shekara ko farkon sabuwa, sai wata tambayar ta taso: a koma ko a zauna? Ɗakin da ruwa ya kwana a ciki, musamman ginin ƙasa, yana buƙatar makonni kafin ya bushe, kuma damshi yana ɓata yadi, yana sa keke tsatsa. Telan da ya yanke shawarar komawa zai sake buɗe littafin nan, ya sake raba sunaye, ya sake kiran na kusa da baki. A wannan karon akwai sabon rukuni a ciki: mutanen Sabon Kare da suka fara kawo masa aiki a watannin da ya yi a can, waɗanda ba su ma san hanyar tsohon shagon ba, kuma su ma sai an yi musu kwatance daga farko.